Mukayyif ɗina ya tsaya, an ce kwamfireso ne: in gyara a riyal 1,200 ko in sayi sabo?

Hajiyar Gulail:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar masu sani. Mukayyif ɗin falona ne a nan Jidda, wato na'urar sanyaya ɗaki, isfilit mai kan ciki da injin waje, mai BTU 18,000, wanda ake ce wa tan ɗaya da rabi. A jikin injin waje an rubuta 2012, gas ɗinsa R22. Tun shekaranjiya fankar ciki na juyawa, ta waje ma na juyawa, amma iska ce kawai babu sanyi. Idan na kunna sai in ji injin waje ya yi gurnani na 'yan daƙiƙu, sai "ƙas", ya yi shiru. Bayan wasu mintuna ya sake. Mai gyara ya zo ya saurara, ya ce kwamfireso ya ƙone, riyal 1,200 har da kuɗin hannu da gas. Na leƙa shago, sabo mai irin girmansa riyal 2,300 da haraji da ɗaurawa. Mukayyif ɗin nawa ne, ba na mai gidan da muke haya ba. Wanne ya fi?

Ɗan Karantina:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙa'idar da aka sani ita ce, in kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabo, a bar gyara. Rabin 2,300 shi ne 1,150, naki kuwa 1,200. Ga shi ya haura shekara goma. Ki sayi sabo ki huta.

Maman Biyu Misfala:
Hajiya kar ki yarda, firiyon ne, wato gas ɗinsa, ya ƙare. Namu ma haka ya daina sanyi, aka ƙara masa gas na riyal 150 ya dawo garau. Kowace shekara kafin zafi ya shigo ai dole a ƙara.

Bakaniken Sanyi:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Kafin a shiga lissafin rabi da kwata, kalma ɗaya ce ta tsaya mini a bayaninki: kin ce ya saurara. Bai auna ba? Gurnanin nan da "ƙas" ɗin da kike ji abin da suke nufi shi ne kwamfireso yana ƙoƙarin tashi ya kasa, ya ja wuta mai yawa, sai abin kariyar da ke jikinsa ya yi zafi ya yanke masa wuta. In ya huce ya sake haɗawa. Abubuwa uku ne ke kawo wannan, kuma a kunne duk sautinsu ɗaya: ko kafasita ta mutu, ko wutar da ke isa wurinsa ta yi ƙasa, ko shi kwamfireson ne da kansa ya lalace. Na farkon aikin riyal ɗari ne zuwa ɗari da hamsin har da kuɗin hannu. Na ƙarshen ne kawai ya kai 1,200. A zafin Jidda kuwa kafasita na daga cikin abubuwan da suka fi saurin mutuwa a injin waje, don rana ke dafa ta a cikin akwatin ƙarfe.

Ki kira wani ko shi ɗin ya dawo da mita, ki tsaya a kansa, ya yi miki waɗannan. A kashe wuta daga biraka, a buɗe murfin gefe, a sauke cajin kafasita tukuna don tana riƙe wuta ko bayan an kashe. A cire wayoyinta a auna. A jikinta akwai lamba, misali 45 µF, da ƴar alamar ±5%. In ta karanta ƙasa da haka sosai, ko samanta ya kumbura kamar gwangwanin da ya lalace, an samu mai laifi na farko.

Sannan a cire wayoyi uku na kan kwamfireso. Ƙafafunsa uku ne, C da R da S. A auna om tsakanin C da R, tsakanin C da S, sai tsakanin R da S. In wayar cikinsa lafiya take, na farko da na biyu in aka haɗa su za su ba da na uku. Sai a ɗora bakin mita ɗaya a kan kowace ƙafa, ɗayan a kan bututun jan ƙarfe da aka kankare. Nan bai kamata mita ta nuna komai ba. In ta nuna haɗi, wuta na taɓa jiki, wannan shi ne ƙonewa ta gaskiya, babu sauran magana.

Abu guda da ke yaudarar mutane: in kwamfireso na da zafi, abin kariyar cikinsa a buɗe yake, sai C ta ƙi karantawa da kowa alhali R da S suna karantawa. Mai sauri sai ya ce waya ta tsinke. A bar shi ya huce awa biyu ko uku a sake aunawa kafin a yanke masa hukunci.

Maman Biyu, ki yi haƙuri, gas ɗin mukayyif ba fetur ba ne, ba ya ƙarewa da aiki. Zagayawa yake a rufaffen bututu. In ana ƙara wa naku duk shekara, yoyo yake yi, kuma a nemo wurin tun kafin ya kai ku inda Hajiya take.

Mai Lantarki Madina:
Ƙari a kan na Malam Bakanike: a auna wutar a bakin injin waje a daidai lokacin da yake ƙoƙarin tashi, ba lokacin da yake zaune ba. Tsofaffin gidajen Jidda da yawansu tsarin 127 da 220 ne, mukayyif yana ɗaukar layi biyu ya samu 220. In wayar siririya ce ko wani haɗi ya sassauta ya yi baƙi, a zaune za ka ga 220 cif, yana tashi sai ta faɗi ƙasa da 200. Kwamfireso mai lafiya ma zai iya kasa tashi a haka. Kuma in laifin waya ne, sabon da za a saya ma haka zai sha wahala.

Hajiyar Gulail:
Na gode ƙwarai. Gaskiya bai fito da mita ba. Gobe bayan la'asar wani zai zo, zan karanta masa abin da kuka rubuta. Maganar Maman Biyu ta tuna mini, bara da bara waccan duk an ƙara masa gas.

Bakaniken Sanyi:
To wannan bayanin ya fi duk na baya muhimmanci, Hajiya. In ya zo, ya haska tocila a lanƙwasar bututun da ke gefen injin waje, da wurin goro biyu inda bututun ɗaki ke haɗuwa da inji. Ya nemi wurin da ƙura ta manne ta yi danƙo kamar an ɗiga mai. Ki kuma ɗauki hoton farantin bayanai na jikin injin.

Hajiyar Gulail:
Salam. Ya zo, ga abin da aka samu. Kafasita 45 ce, ta karanta 31. Ya sa sabuwa. C da R 1.6, C da S 2.9, R da S 4.5, kuma babu haɗi da jiki. Wuta 221 a zaune, 212 lokacin tashi. Da sabuwar kafasitar ma bai tashi ba, mitar da yake maƙalawa a waya ta nuna amfiya 40 na kamar daƙiƙa huɗu sannan ya yanke. Ya ƙara masa wata ƙaramar kafasita ta tayarwa, duk da haka shiru. A faranti an rubuta LRA 42, wat 2,100, gas giram 1,150. Ya nuna mini danƙon mai a ƙasan lanƙwasar bututu, kuma siraran ƙarafan bayan injin in ya taɓa su da yatsa sai su marmashe kamar garin biskit. Shi ma ya ce canjin kwamfireso, amma nasa 1,000.

Bakaniken Sanyi:
Madalla, yanzu muna magana a kan abin da aka gani. Wayar cikinsa ba ta ƙone ba, 1.6 da 2.9 sun ba da 4.5 daidai. Wuta ma ba ta da laifi. Amma LRA 42 ɗin nan ita ce wutar da yake ja idan abin juyawar cikinsa ya ƙi motsi, kuma naki ya ja 40. Mukayyif irin wannan in yana aiki lafiya, wat 2,100 a kan 220, bai wuce amfiya tara da wani abu ba. Wato ya cije daga ciki. Kwamfireso ya tafi, mai gyaran farko ya dace da amsa ko da bai auna ba.

Sai dai tambayar da ke raba gardama ita ce me ya kashe shi. Gas ɗin da ke dawowa daga ɗaki da sanyinsa shi ke sanyaya kwamfireso. In gas ya ragu saboda yoyo, sai ya riƙa aiki da zafi fiye da ƙima, man cikinsa ya tsinke ya daina shafawa. Ga shi man ma yana bin gas ya fita ta wurin yoyon, shi ne danƙon da aka nuna miki. Aka ƙara gas sau biyu, ba a toshe rami ba, ba a mayar da mai ba. Siraran ƙarafan da ke marmashewa kuma iskar teku ce ta Jidda mai gishiri da laima ta cinye su. Aikinsu fitar da zafi waje, in sun lalace matsin gas yana hawa, kwamfireso yana ɗaukar kaya fiye da ƙarfinsa.

To in an sa sabon kwamfireso a cikin wannan injin, an sa shi ne a cikin abin da ya kashe na farko. Saboda haka 1,200 ko 1,000 ba su ne kuɗin gyaran ba, sai an ji abin da ke cikinsu. Ki tambayi kowannensu: kwamfireson sabo ne a kwali ko cirarre ne daga wani inji? Na R22 ne, na 60 Hz, mai jure zafi wanda ake rubuta wa T3? Don akwai na 50 Hz da ke shigowa daga ƙasashen maƙwabta, girma ɗaya kama ɗaya, a wutarmu ta nan kuwa gudunsa ya ƙaru da kashi ashirin cikin ɗari. Za a toshe yoyon a gwada da nitirojin a bar shi ya kwana a ga ko allura ta sauka? Za a wanke bututu, tunda kwamfireson da ya cije yakan bar garin ƙarfe da zai je ya toshe siririn bututun nan mai kamar tsinken tsintsiya? Za a sa sabuwar matatar gas? Za a zuƙe iska da famfo, ko za a fesa gas ne kawai a ce an kore ta? Gas ɗin da sikeli za a zuba giram 1,150, ko da ido? Garantin wata nawa, kuma a rubuce a fatura, wato rasit?

Wanda zai yi duk wannan tsakani da Allah da sabon kwamfireso, da wuya ya tsaya a 1,000. In ya tsaya, akwai abin da ya tsallake.

Ɗan Karantina:
Ai ka dawo kan maganata Malam. Tun farko na ce a sayi sabo.

Bakaniken Sanyi:
Amsarka ta yi daidai a nan, ɗan'uwa, amma hanyar da ka bi ba za ta kai kowa gida ba. Da kafasita ce kaɗai, da Hajiya ta zubar da 2,300 a kan aikin 120. Kuma ka ɗauki inji mai shekara uku da kwamfiresonsa ya mutu: yawancin kamfanoni a nan suna ba da garantin kwamfireso na shekara biyar, wasu fiye, daban da shekara biyu na sauran jiki. Wannan wurin wakili za a kai da fatura, kuma in aka bari mai gyaran unguwa ya yanka bututu, garantin na iya faɗuwa. Ka kuma ɗauki mai shekara shida wanda bayansa ke lafiya, ba ya yoyo, waya ce ta sassauta ta ƙona shi. Ko gyaran ya kai kashi sittin na kuɗin sabo zan ce a gyara, don an san abin da ya kashe shi kuma an kawar. Ƙa'idar rabi ba ta tambayar shekara nawa gyaran zai saya maka.

Baba Hindawiyya:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Injinan da ake yi da can jan ƙarfensu mai kauri ne, ba su da allon lantarki mai yawa, kowane yaro a unguwa ya iya su. Na yanzu in allo ya ƙone sai ka jira wakili, kuma kuɗin allon kaɗai ya isa ya sa ka zufa. Wanda ya yi shekara goma sha yana aiki ya nuna asalinsa. Ni dai a gyara na hannu. A canja kwamfireso, in bayan ne ya lalace a canja shi ma.

Bakaniken Sanyi:
Baba, Allah ya ja kwana, maganarka a kan allo gaskiya ce, musamman a masu inbata, wato masu rage gudu da ƙara shi da kansu. Amma in aka canja kwamfireso aka canja murɗaɗɗen bututun baya, me ya rage a injin waje? Fanka da akwati, kuma motar fankar ma shekarunta ɗaya da su. Kuɗin zai doshi na sabo, kan ciki kuma yana nan da tsufansa. Ga R22 da ake janyewa a duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal saboda illarsa ga sararin sama. Ana samunsa a kasuwa har yanzu, amma sababbin injina sun koma R410A da R32, kuma duk abin da ake janyewa ba a sa ran ya yi araha, ga jabu yana shiga cikinsa. Da injin Hajiya bayansa lafiya ne, da ina tare da kai.

Mai Lantarki Madina:
Bari in sa lissafin wuta, don shi mutane ke mantawa, wasu kuma su zuzuta shi fiye da kima. Farantin Hajiya ya ce wat 2,100. Sabo na yau da kullum mai BTU 18,000, wanda ba inbata ba, za ki ga wajen wat 1,500 a farantinsa. Bambanci wat 600. Mu ce kwamfireso na aiki awa goma a yini, ba awannin da mukayyif ke kunne ba, awannin da injin ke juyawa da gaske. Kilowat shida ke nan a yini, 180 a wata. Kuɗin wutar gida halala 18 ne kowane kilowat har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30, halala ɗari ke riyal ɗaya. 180 sau halala 18 ya ba da riyal 32 da ɗoriya, da harajin kashi 15 ya zama wajen 37. A Jidda in aka ce wata takwas ana kunna shi haka, kusan riyal 300 ke nan a shekara.

Ba kuɗin da zai sayi sabon a shekara ɗaya ba ne kamar yadda masu shago ke faɗa. Amma a shekara huɗu ya kai 1,200. Wanda kuma mitarsa ta haɗa gida biyu ko uku har suna haura 6,000, nasa ya fi haka, don a halala 30 yake biyan rarar.

Bakaniken Sanyi:
To a haɗa su wuri ɗaya. Sabon ma 2,300 ba shi ne ƙarshe ba, Hajiya. Ki tambaya mita nawa na jan ƙarfe ke cikin ɗaurawar kyauta, don abin da ya ƙaru a kan mita ake biya. Sai cire tsohon, sai ƙarfen da injin waje ke zama a kai in tsatsa ta ci shi. Mu ƙiyasta 250 a kan waɗannan, ya zama 2,550. Masu sayen gwangwan za su ɗauki tsohon saboda jan ƙarfensa, mu ce 150. Ya rage 2,400.

Gyara kuwa, in an yi shi yadda ya kamata har da toshe yoyo da wanki, mu ce 1,400. Da bayan injin a wannan hali, ni ba zan yi miki alkawarin fiye da zafi biyu ko uku ba, don inda gishiri ya huda wuri ɗaya ya riga ya cinye maƙwabtansa. 1,400 a raba uku, wajen 470 a shekara, a ƙara 300 na rarar wuta, 770. In shekara biyu ya yi, 1,000 cif. Sabon kuwa ko shekara takwas kawai aka ba shi, 2,400 a raba takwas 300 ne a shekara, kuma shekarun farko a cikin garanti suke. A wannan injin dai, ni sabo zan ce.

Direba Kilo Sha Huɗu:
Malam akwai hanya ta uku da ba ku ambata ba. A kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarik ana samun injin waje na hannu, a bar kan ciki yadda yake. Ba kowa ke da 2,400 a hannu a tsakiyar wata ba, kuma wani bai san ko zai sabunta iƙamarsa, wato takardar zama, baɗi ba. Wanda zai bar gidan nan da shekara ɗaya, raba kuɗi a kan shekara takwas bai shafe shi ba.

Bakaniken Sanyi:
Wannan magana ce mai nauyi, Alhaji, kuma lissafina ya dogara ne da cewa Hajiya na nan. Wanda zai tashi nan da shekara, na hannu na iya fi masa, ko ma ƙaramin na taga in ɗakin na da ramin. Amma da sharuɗɗa. Ya zama R22 ne kamar kan ciki, BTU ɗaya, kuma ba inbata ba, don mai inbata yana magana ne da nasa kan ta wayar saƙo, ba zai ji yaren wani ba. A duba bawul biyu na jikinsa: in an cire shi da ilimi, an tara gas ɗin a ciki an rufe su gam. In a buɗe suke, bakin bututu ba toshi, iska da laima sun shiga sun zauna a cikin mai, kar a saya ko nawa ne. A kunna shi a gaban mai saye a maƙala mita a ga amfiya, a shafa bayansa a ji ko yana marmashewa. Sannan kan ciki da bututun Hajiya sai an wanke su, don garin tsohon kwamfireso na iya kasancewa a ciki. Garantin irin waɗannan kuwa sau da yawa na 'yan kwanaki ne.

Maman Biyu Misfala:
Malam to mu da ake ƙara wa gas duk shekara, me za mu ce wa mai gyaran?

Bakaniken Sanyi:
Ki ce ya nemo yoyon kafin ya buɗe tulun gas. A fara da goro biyu na bakin injin waje da biyu na bayan kan ciki, da ruwan sabulu, nan ne aka fi samu kuma gyaransa sake faɗaɗa bakin bututu ne a ɗaure. In ba a gani ba, a matsa nitirojin. Kada a yarda a gwada da iskar oksijin ta masu walda, in ta haɗu da mai tana fashewa. Ku a Makka kuke, ba ta da gishirin Jidda, wataƙila naku bayansa lafiya lau, ƙaramin aiki ne.

Hajiyar Gulail:
Allah ya saka da alheri. Muna nan dai in Allah ya so, yara na makaranta. Na karkata ga sabo. Saura abu biyu. Mai shagon ya ce in ƙara 600 in ɗauki mai inbata. Sannan bututun tsohon a cikin bango yake, an shafe shi da siminti, mai gida kuma ba zai so a fasa ba. Za a iya amfani da shi?

Mai Lantarki Madina:
Inbata Hajiya, in falo ne da ake wuni a ciki. Maimakon ya riƙa tashi yana tsayawa, rage gudu yake in ɗaki ya yi sanyi, kuma nan ne ragin wutar yake. Ki kwatanta takardar SASO, hukumar ingancin kaya ta Saudiyya, da ke manne a jikin kowanne, akwai lambar SEER mai nuna ƙarancin cin wuta da kilowat na shekara, ki ninka bambancin da halala 18 ki ga shekara nawa 600 ɗin za ta dawo. Ki kuma duba BTU da aka rubuta a T3, wato a zafin digiri 46, don shi ne ƙarfinsa na gaskiya a watan Yuli, kuma kullum ya gaza na T1, wato na matsakaicin zafi.

Baba Hindawiyya:
Ragin wuta na shekara uku, allo ɗaya ya ƙone ya cinye shi. A tsohon gida mai tsohuwar waya ban ga dalili ba.

Mai Lantarki Madina:
Baba wutar gidanta an auna, 212 a lokacin da inji ke jan amfiya 40, wayar ba ta da laifi. Kuma mai inbata ba ya fizgar wuta wajen tashi.

Bakaniken Sanyi:
A inbata ina tsakiya. In falon na shan rana kuma BTU 18,000 da ƙyar yake isarsa, injin zai wuni a cikakken gudu, ragin ba zai kai yadda takarda ta nuna ba. In ana kwana da shi a kunne, zai nuna. Abin da zan ce kawai ki tambayi garantin allon shekara nawa ne, ba na kwamfireso kaɗai ba, kuma ko wakilin na da wurin gyara a Jidda.

Bututu kuwa, abin da na fi so a ja sabo ta saman bango a rufe shi da murfin roba, huda ɗaya ce kawai. Dalili: R22 da man ma'adini yake aiki, R410A da R32 da wani mai na daban, kuma ragowar tsohon mai da garin ƙarfe ba abin da kike so ya shiga sabon kwamfireso ba ne. Matsinsu ma ya fi na R22 da kusan rabi ko fiye, tsohon bututu in siriri ne ko an taɓa lanƙwasa shi ya karye, zai nuna. Wasu wakilan ma suna iya ƙin karɓar garanti in aka ɗaura a kan tsohon bututu, ki tambaya kafin ki biya.

Direba Kilo Sha Huɗu:
Amma Malam gidaje nawa ne a garin nan aka ɗaura sabo a kan tsohon bututun bango suna aiki? In mai gida ya hana huda fa?

Bakaniken Sanyi:
Ana yi, kuma da yawa suna zaune lafiya, ban musa ba. Bambancin shi ne yawancinsu an cire tsohon ne yana da rai, bututunsa da tsabta. Na Hajiya ya mutu ne a ciki. In dole ce, girman ya dace da abin da littafin sabon ya ce, a irin wannan yawanci inci kwata da rabin inci. A wanke da ruwan wankin bututu, a hura nitirojin har farin ƙyallen da aka tara a ɗaya bakin ya daina yin baƙi. A yanke tsofaffin bakuna a yi sababbi da gorunan da suka zo a kwali. A matsa nitirojin a bar shi ya kwana. Sannan famfo ya zuƙe iska har mita ta kai mikiron 500, in ba su da wannan mitar to aƙalla rabin awa, a rufe a ga allura ba ta dawo ba. Masu ɗaurawar kyauta gida da yawa ke jiransu a yini, ba za su yi wannan ba sai an yi ciniki da su daban tun a shago.

Hajiyar Gulail:
Na yi magana da wakilin mai gida yanzu, ya ce zai zo ya ga inda za a huda ranar Asabar. Daga kan ciki zuwa baranda mun auna da ɗana, mita biyar da rabi ne. Zan koma shagon in ji mita nawa ke cikin kyautar da kuma garantin allon, in ɗauko hoton takardar SASO ta guda biyun in turo muku.

Mai Lantarki Madina:
Ki turo Hajiya, har da faturar wutarki ta watan Agustan bara in tana nan, mu ga ko kina kusa da 6,000.